Yadda za ki rubuta sanarwar neman mai tsaron shago da za ta tace miki mutane

"Ina da shagon kayan masarufi a Unguwar Rimi, muna kuma yin POS. Watan jiya na sa a WhatsApp cewa ana neman mai tsaron shago, mai buƙata ya tuntuɓe ni. Saƙo ya fi sittin, wasu da tsakar dare suke kira. Na ba mutum takwas lokaci, biyu suka zo, wanda na ɗauka kuma sati biyu ya yi ya daina zuwa. Yaya zan rubuta sanarwar da masu son aikin da gaske kaɗai za su amsa?"

Hajiya, Allah ya sanya albarka a kasuwa. Na daɗe ina tsaye a shago a Kawo, na ɗauki yara da yawa, na kuma rubuta wa maƙwabtana 'yan kasuwa irin wannan sanarwa ba sau ɗaya ba. Abin da zan fara faɗa miki shi ne, yawancin mutum sittin ɗin nan ba su yi niyyar ɓata miki lokaci ba. Sanarwar ce ba ta gaya musu komai ba, don haka babu hanyar da mutum zai san ko aikin ya dace da shi sai ya taɓa ki. Mai zama a Sabon Tasha ya rubuto, ɗalibar Kadpoly da ke da lacca da safe ta rubuto, mai digiri da ke tsammanin dubu ɗari da hamsin shi ma ya rubuto. Da a ce kin faɗi unguwa da awanni da albashi, da su da kansu sun wuce ba tare da kin san sun gani ba. Aikin tacewar da kika yi da bakinki da katin wayarki, takardar ce ya kamata ta yi shi.

Albashi, da lissafin kuɗin mota

Na san dalilin da ya sa 'yan kasuwa ba sa son rubuta albashi. Wani yana tsoron maƙwabcinsa ya san abin da yake biya, wani yana fatan ya samu wanda zai karɓi ƙasa da abin da ya ware, wani kuma kunya yake ji saboda kuɗin ba su da yawa. Sai a rubuta "albashi mai tsoka" ko "za a daidaita idan an zo". Wannan jimla ita ce ta fi kowace jawo ɓata lokaci. Mutumin da ya san darajar aikinsa, wanda yake da wani ɗan abin yi a hannu, ba zai kashe kuɗin Keke ya zo jin abin da za a iya faɗa masa a layi ɗaya ba. Wanda zai zo shi ne wanda ba shi da zaɓi a ranar, kuma da zarar ya samu zaɓi zai tafi.

Bari in ba ki labarin da ya koya mini wannan. Na taɓa ɗaukar wani yaro mai hankali, mai saurin lissafi, ba ni da abin da zan ce ya yi mini na rashin kyautawa. A Sabon Tasha yake zaune, shagona kuma yana Kawo, wato daga wancan bakin gari zuwa wannan, sai ya ƙetare kogin Kaduna ya ratsa cikin gari kullum. Mun yi ciniki a kan dubu 45 a wata. Ban tambaye shi abin da yake kashewa a hanya ba, shi ma bai faɗa ba, saboda yana tsoron kada in fasa. Ashe zuwa da dawowa yana cin naira 1,200 a rana. Kwana 26 yake zuwa a wata, kin ga dubu 31 da ɗari biyu ke nan sun tafi a mota. Abin da ya rage masa dubu 13 da ɗari takwas ne, bai ci abincin rana ba tukuna. A wata na biyu ya fara makara, a na uku ya zo ya durƙusa ya ce a yi masa afuwa, zai bar aikin. Na ji haushi a ranar, amma da na ɗauki biro na yi lissafin a bayan kwalin madara, sai na ga ni ma ba zan zauna a wannan aiki ba. Ina kyautata zaton idan kika bincika wanda ya bar ki bayan sati biyu, za ki tarar da wani abu mai kama da wannan.

Tun daga lokacin nake rubuta abu biyu tare: adadin albashi da lamba, da kuma unguwannin da nake son mai nema ya fito. Ke da kike Unguwar Rimi, ki ce kin fi son mazaunin Unguwar Rimi ko Malali ko Unguwar Sarki ko Kabala, wanda zai iya zuwa da ƙafa ko da hawa ɗaya. Ma'aunin da nake amfani da shi, kuma nawa ne ba doka ba, shi ne kada kuɗin mota su wuce kashi ɗaya cikin biyar na albashi. Idan albashin dubu 50 ne, kada hanya ta ci fiye da dubu 10 a wata, wato wajen naira 400 a rana. In kina ba da abincin rana, ki rubuta, domin a wurin mai ƙaramin albashi wannan kuɗi ne na gaske. Ki kuma faɗi ranar biya. "Ana biya ranar 28 ga kowane wata" tana jawo mutumin kirki fiye da kowane irin daɗin baki, domin da yawansu sun taɓa yin aikin da sai an bi mai gida ana roƙo.

Za a samu wanda zai ce miki ai mafi ƙarancin albashi dubu 70 ne. Gaskiya ne, a watan Yulin 2024 aka sa hannu a kan dokar da ta mayar da shi dubu 70, gwamnatin Jihar Kaduna kuma ta amince da dubu 72 ga ma'aikatanta a watan Oktoba na shekarar. Amma dokar ta cire wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, don haka ba ta tilasta wa shago irin naki ba. Duk da haka masu neman aiki sun san wannan adadi, da shi suke auna tayinki. Idan abin da za ki iya ya yi ƙasa da shi sosai, to ki rage awanni, ko ki ƙara abinci, ko ki raba aikin zuwa na safe da na yamma. Kada ki nemi awa goma sha biyu a kan kuɗin awa shida, ki kuma yi mamakin wanda ya amsa.

Faɗi wahalar aikin tun daga farko

Mutane suna rubuta sanarwa kamar masu tallar atamfa, ana ɓoye inda zare ya fita. A neman ma'aikaci akasin haka ake so. Abin da ya fi wuya a aikin shi ne abin da ya fi kamata a gani. Idan za a riƙa sauke katan-katan na ruwa da buhun shinkafa daga mota, ki faɗa. Idan ba a zama a kan waya lokacin aiki, ki faɗa. Idan ana rufe lissafin POS kowane dare kafin a tafi gida, kuɗin hannu su yi daidai da abin da na'ura ta nuna, ki faɗa. Wanda wannan ya kore shi a takarda, da ma zai kore shi a sati na biyu, bayan kin riga kin koya masa farashin kaya ɗari uku kin kuma nuna masa inda makulli yake.

Awanni ma haka. "Daga safe zuwa yamma" ba lokaci ba ne. Ki rubuta ƙarfe 8 na safe zuwa 7 na yamma, Litinin zuwa Asabar. Dokar ƙwadago ta ba ma'aikaci hutun kwana ɗaya cur a cikin kowane kwana bakwai, kuma ko babu doka, yaron da ba ya hutawa shi ne yake kuskuren canji. A Kaduna akwai abin da nake ƙara rubutawa: ana ba da lokacin sallah da na Juma'a, kuma wanda yake zuwa coci yana da Lahadinsa. Layi ɗaya ne, amma yana gaya wa kowa cewa ƙofar a buɗe take. Ban ba ki shawarar rubuta addini ko ƙabila a matsayin sharaɗi ba. Abin da shagon yake buƙata shi ne harshe, domin a Unguwar Rimi mai saye zai shigo da Hausa, na bayansa ya shigo da Turanci. To, ki ce "mai jin Hausa da Turanci", ki tsaya nan. Idan kuma akwai dalili na gaske da ya sa kike son mace ko namiji, misali ke kaɗai ce da mai aikin a cikin shago yini guda, ki faɗa a sarari don kada wani ya ɓata kuɗin motarsa.

Akwai kalmomin da na daina sa wa gaba ɗaya: "mai gaskiya da riƙon amana", "mai ƙwazo", "mai tsoron Allah". Halaye ne da duk muke nema, amma ban taɓa ganin wanda ya karanta ya ce a'a, ni ba ni da amana, bari in haƙura ba. Ba sa tace kowa. A madadinsu ki sa abin da za a iya dubawa: ya iya karatu da rubutu da lissafin canji, kuma yana da mutum biyu da za su tsaya masa, ɗaya ɗan'uwa, ɗaya wanda ba dangi ba, mai sana'a ko wurin aiki da za a iya zuwa a same shi. Sharaɗin masu tsayawa shi kaɗai yana rage jama'a sosai, domin wanda ya bar wurin aikinsa na baya da rigima ya san za a tambaya.

Ɗan gwajin da ke cikin sanarwar

Wannan ne abin da ya fi yi mini amfani. Kada ki ce "mai buƙata ya kira". Ki ba da umarni guda, mai sauƙi, wanda zai ci wa mutum minti biyar, sannan ki dubi wanda ya bi shi. Aikin shago kusan dukansa bin umarni ne: wannan a sa a firiji, wancan kada a ba da bashi, a rubuta duk abin da ya fita. Mutumin da aka ce ya aiko abu huɗu a saƙo ɗaya, ya aiko "Slm" kawai ya yi shiru, ya riga ya nuna miki yadda zai yi da littafin ciniki. Ga yadda zan rubuta taki, ki canja lambobin su dace da abin da za ki iya:

"ANA NEMAN MAI TSARON SHAGO, MUTUM ƊAYA. Shagon kayan masarufi da POS a Unguwar Rimi, Kaduna. Aikin: sayar da kaya, jera kaya da share shago, taya sauke kaya, riƙe POS da rufe lissafi kowane dare. Lokaci: Litinin zuwa Asabar, 8 na safe zuwa 7 na yamma, da hutun sallah da na cin abinci. Albashi: naira dubu 50 a wata da abincin rana, ana biya ranar 28. An fi son mazaunin Unguwar Rimi, Malali, Unguwar Sarki ko Kabala, mai shekara 18 zuwa sama, mai jin Hausa da Turanci, mai mutum biyu da za su tsaya masa. Ba a amfani da waya lokacin aiki sai da dalili. Mai so ya aiko saƙo ɗaya ta WhatsApp zuwa lambar da ke ƙasa, ya faɗi sunansa, unguwarsa, inda ya taɓa aiki, da amsar wannan: mutum ya sayi taliya 3 a kan 950 kowace ɗaya da madarar 1,400, ya ba da 5,000, nawa ne canjinsa? Ban da kira. Za a rufe karɓa ranar Alhamis da ƙarfe 6 na yamma. Ba a biyan ko sisi don neman wannan aiki."

Amsar 750 ce. Na san zai iya danna ta a waya, ba komai, ai a shagon ma akwai kalkuleta. Abin da kike dubawa shi ne ko ya karanta har ƙarshe, ko ya damu ya amsa. Za ki ga saƙonnin sun rabu da kansu: masu abu huɗu cif, masu biyu, da masu "ina sha'awa, nawa ne albashin?" alhali ga shi a rubuce. Na farkon kaɗai za ki amsa wa da gayyata. Ina barin a aiko da saƙon murya idan bai wuce minti ɗaya ba, saboda na ga yara masu kaifin lissafi da iya tarbar mai saye waɗanda rubutunsu bai da kyau, kuma ba sakatare nake nema ba. Wanda ba shi da babbar waya kuma, a takardar da aka manna a ƙofa sai a ƙara cewa zai iya kawo amsarsa a rubuce ranar Laraba tsakanin 10 da 12.

Layin ƙarshe na cewa ba a biyan kuɗi yana da muhimmanci, domin damfarar neman aiki ta yi yawa, ana karɓar kuɗin fom a ɓace. Mutanen kirki sun zama masu tsoro, musamman iyayen 'yan mata. Saboda haka ma kada ki nemi lambar NIN ko hoton katin shaida a saƙon farko. Wannan sai ranar da kika yanke shawarar ɗauka. Kuma ko a ranar, kwafi za ki karɓa. Al'adar riƙe ainihin takardar makarantar yaro a matsayin jingina ba ta da kyau, tana korar masu mutunci, ba ta kuma hana mai niyyar sata.

Inda aka manna sanarwa shi ma tacewa ne. Babban zauren Facebook na duk Kaduna zai kawo miki mutanen Rigasa da Kakuri da Mando, har da na Zariya. Takarda a ƙofar shagonki, da zauren WhatsApp na unguwa, da kwafi a hannun mai unguwa ko limami ko fasto na kusa, su za su kawo wanda gidansu aka sani. Ki ware lamba ta shago daban da taki, kiran tsakar dare zai ƙare.

Daga saƙo zuwa ranar farko

Takwas da kika gayyata biyu suka zo, wannan ma akwai maganinsa, ko da yake ba ya warkewa duka. Ki amsa cikin kwana ɗaya ko biyu bayan rufewa, domin mai neman aiki da gaske ba ke kaɗai ya rubuta wa ba. Ki ba kowa lokacinsa, wannan 10, wancan 10 da rabi, a lokacin da ciniki ya lafa. "Ku zo ranar Asabar" gayyatar biki ce, kowa zai ɗauka in bai zo ba ba za a lura ba. Sannan da yammacin jajibiri ki aika: "Gobe ƙarfe 10. Ka tabbatar mini kafin 8 na dare, in ban ji ka ba zan ba wani lokacin." Wanda bai amsa ba, ki cika maganarki.

Biyu ko uku da suka fi, ki ba kowannensu gwajin yini ɗaya, ki biya shi. A albashin dubu 50 da kwana 26, yini ya kama kusan dubu 2. Kuɗi kaɗan ne idan aka kwatanta da abin da za ki gani: yadda yake gaida tsohuwa, ko yana ƙirga canji sau biyu, abin da yake yi idan babu mai saye, ya ɗauki tsumma ya goge kanta ko ya zaro waya. Gwajin sati guda kyauta da wasu suke yi zalunci ne, kuma labarinsa yana yawo a unguwa, sanarwarki ta gaba ba za ta samu mai amsawa na kirki ba.

Wanda kika ɗauka, ki mayar da sanarwar nan takardar yarjejeniya. Dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata uku su cika da farawa, ni kuwa a ranar farko nake yi, shafi ɗaya, ni da shi da masu tsaya masa mu sa hannu. A ciki ki fayyace abin da zai faru idan lissafin POS ya yi gibi, domin nan ne rigimar shaguna ta fi tashi. Dokar ba ta bar mai gida ya yanki albashi yadda ya ga dama ba, kuma duk abin da za a cire a wata ɗaya bai kamata ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashin watan ba. Ni ɗan kasuwa ne, ba lauya ba, don haka in gibin ya yi girma, ki nemi lauya ko ofishin ƙwadago kafin ki taɓa albashinsa.

Idan sanarwar ba ta yi aiki ba, saƙonnin za su nuna miki inda matsalar take. In mutane da yawa suna tambayar abu guda, to ba ki rubuta shi ba ko kin binne shi a tsakiya, ki ɗaga shi sama. In kwana biyar sun wuce babu amsa mai kyau ko ɗaya, ba rubutun ne ya gaza ba, tayin ne: kuɗin sun yi kaɗan ga awannin, ko sharuɗɗan sun yi yawa, kamar neman mai difloma da gogewar shekara uku a kan dubu 40. A nan sai ki sassauta abu ɗaya ki sake gwadawa, kada ki cire albashin daga takardar. In kuwa amsa takwas ko goma suka zo, biyar daga ciki cikakku, kada ki ga kamar sun yi kaɗan bayan kin saba da sittin. Mutum ɗaya kike nema.

Abin da takarda ba za ta iya ba shi ne ta nuna miki mai amana. Na taɓa ɗaukar wanda ya amsa komai daidai, ya zo kafin lokaci, bayan wata huɗu na gano yana sayar da katan ɗin lemo ba ya rubutawa. Laifina a nan shi ne na karɓi sunayen masu tsaya masa da lambobinsu, ban taka na je na gan su ba. Da abin ya faru na kira, ɗaya lambar abokinsa ce, ɗayan kuma ya ce bai san an sa sunansa ba. Yanzu kafin in ba kowa makulli sai na je shagon ko gidan mai tsayawar da ƙafata, na zauna mun gaisa, na tambaye shi ko ya san abin da zai sa wa hannu, na kuma kira wurin da yaron ya ce ya bari na ji ta bakinsu. Ke ma ki ware yammaci ɗaya don wannan, in da hali ki tafi da maigida ko wani ɗan'uwanki, kafin ranar da zai fara.